Darasi: Yadda Za Mu Rubuta Bayanin Haɗin Kayan Azumi da na Biki Don Mai Saye Ya Ga Kuɗinsa

'Yan uwana mata, wannan darasin na ƙungiyoyin da suka fara haɗa kaya kala-kala wuri ɗaya ne suna sayarwa da kuɗi ɗaya, a lokacin azumi, ko Sallah, ko Kirsimeti, ko bikin Uhola. Irin wannan haɗi yana da riba, amma yana da wata matsala tasa. Mace ta san kuɗin mudun gero, ta san kuɗin kwalbar mai, ba mai yi mata wayo a kansu. Amma da zarar an zuba kaya biyar a bokiti an rufe, aka ce mata naira 14,500, to ba ta da abin da za ta auna kuɗin da shi. Abin da take ji kawai shi ne kuɗin da yawa. Aikin bayanin da za mu rubuta shi ne ya buɗe mata bokitin tun ba ta taɓa shi ba, ta yi lissafi da kanta, ta ga inda kowace naira ta shiga.

Ga irin rubutun da na fi cin karo da shi a jikin kaya da kuma a waya:

"Kayan azumi masu kyau da inganci. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Farashi mai rahusa. A tuntuɓe mu."

Ku sake karanta shi a hankali. Mene ne a ciki? Nawa ne yawansa? Kwana nawa zai yi? Nawa ne kuɗin? Ko ɗaya bai faɗa ba. Mai sayar da sabulu ma za ta iya ɗaukar wannan rubutu ta manna a nata kayan, ba abin da zai canza. Duk kalmar da kowa zai iya faɗa a kan kowane kaya, ba ta sa mutum ya zaro kuɗi.

Wa zai karanta, wa zai ci?

Kafin sakatariya ta ɗauki biro, ku tsaya ku tambayi kanku wa kuke yi wa magana. A nan Dirin Daji, da ma sauran garuruwan ƙaramar hukumar Sakaba, yawancin matan gida suna da gero a rumbu, suna da wake, suna da turmi. Ba su ne za su fi sayen haɗinmu ba. Masu saye kashi biyu ne. Akwai ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda aiki ya hana su zaman surfe da tankaɗe, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, matan bariki a Zuru. Sai kuma masu saye don su bayar: saurayin da zai kai kayan shan ruwa gidan surukai, da ɗan da ke aiki a Kaduna ko Abuja ko Legas yana son a kai wa mahaifiyarsa wani abu kafin a ga wata. Kun san ƙasar Zuru da 'ya'ya a aikin soja, ga su nan a warwatse ko'ina a Najeriya, kuma kowannensu yana da gida a nan.

Waɗannan mutum biyu ba abu ɗaya suke nema ba. Malamar makaranta tana tambaya ne, wace wahala wannan bokiti zai ɗauke mini? Shi kuwa mai bayarwa tambayarsa ita ce, zai fitar da ni kunya? Ba zai ga kayan da idonsa ba, ba zai ɗanɗana ba. Rubutunku da hoto ɗaya su ne kaɗai abin da yake da shi a hannu. Za mu fara da rubutun malamar, daga baya mu ga abin da ake canzawa saboda mai bayarwa.

Lissafi kafin rubutu

Ba a rubuta wa kaya bayani sai an san gaskiyar abin da suka ci. Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe: bokitin kunu da ƙosai na azumi. Kuɗaɗen da zan ambata na koyo ne kawai. Kasuwa tana hawa tana sauka, don haka ku sa naku na ranar da kuka yi sayayya.

A ce ƙungiya ta zuba kaya biyar: garin kunun gero mudu biyu da rabi da kayan ƙamshi a ciki, surfaffen wake mudu biyu da rabi, tsamiya ƙulli goma, yajin ƙuli roba ɗaya, da man gyaɗa kwalba ɗaya, duk a cikin bokitin roba mai murfi. Lissafi biyu za ku yi, kuma kada ku haɗa su.

Na farko, abin da ya fita daga hannunku. Gero da citta da kanumfari da kuɗin niƙa, naira 2,900. Wake, naira 4,200, kuma ku tuna wake yana raguwa bayan surfe da bakace, don haka abin da za ku saya ya fi abin da zai shiga bokiti. Tsamiya 600, yaji 600, mai 1,900, bokiti 1,200, leda da takarda 300. Jimla 11,700. Ku ɗora ladan aikin waɗanda suka yi surfe da shanya da ƙulli, a ce 1,000 a kowane bokiti. Ya zama 12,700. Mata da yawa suna tsallake ladan aiki wai don ai mu ne muka yi da kanmu. Yo in ba a sa shi ba, ranar da hannu ya gaza aka ɗauko 'yan aiki, daga ina za a biya su?

Na biyu, abin da mai saye za ta kashe in ta sayi kayan ɗai-ɗai a gyare kamar yadda kuka gyara su. Gari 4,000, surfaffen wake 5,500, tsamiya 1,000, yaji 1,000, mai 2,500, bokiti 1,500. Jimla 15,500.

Kuɗin haɗinku yana tsakanin waɗannan biyun ne, sama da 12,700, ƙasa da 15,500. In kun sa 14,500, kun ci 1,800 a bokiti, ita kuma ta rage 1,000. In da rancen akwati kuka yi sayayya, kuma ƙungiyarku tana karɓar kuɗin hidima a kan rance, ku cire shi daga 1,800 ɗin kafin ku kira shi riba. Bokiti goma sun ɗaure naira 117,000 na kuɗin mambobi. In uku suka yi kwantai har Sallah ta wuce, ribar sauran bakwai ba za ta rufe ramin ba, domin ribar bakwai 12,600 ce, kuɗin da ya maƙale a ukun kuwa 35,100 ne. Wannan ne ya sa nake cewa rubutun nan ba ado ba ne.

In kuwa kun yi lissafi kuka ga kuɗin haɗin dole ya haura na ɗai-ɗai, to ba biro ne zai gyara ba. Ku koma ku canza abin da ke cikin bokitin.

Suna, da layin da ke bin sa

Sunan haɗi ya faɗi lokacin da za a yi amfani da shi. "Haɗi na ɗaya" ko "Babban haɗi" ba su nuna wa mutum komai. Mu Hausawa mun riga mun raba azumi gida uku: goma na marmari, goma na wuya, goma na ɗokin Sallah. To ga suna nan a kwance. Ku kira shi Bokitin Goman Farko. Duk wanda ya ji ya san na yaushe ne, ya san na kwana nawa ne, kuma kun buɗe wa kanku ƙofar sayar masa da na tsakiya da na ƙarshe. Ya kuma fi sauƙi mutum ya fitar da kuɗin kwana goma sau uku a kan ya fitar da na wata guda a lokaci ɗaya.

Layin da ke bin suna shi ne mafi nauyi a duk rubutun, don shi ne ke faɗin mutum nawa, kwana nawa: "Kunu da ƙosai na kwana goma, na gida mai mutum shida." Wannan alkawari ne, kuma ba a yin sa da ka. Sai an gwada. Ku zaɓi mamba ɗaya mai mutum shida a gida, ku ba ta gari ta dama kunu yadda aka saba, ku ga gwangwanin madara nawa ta ci. A ce biyu. Haka waken ƙosai, a ce shi ma biyu. Kwana goma ke nan gwangwani ashirin-ashirin. Idan mudun da kuke awo da shi yana cin gwangwani takwas, ashirin ya zama mudu biyu da rabi, daidai da abin da muka zuba.

A wurin gwajin nan ne ake kama abin da zai jawo rigima. A ce mai gwajin ta dawo ta ce man ya ƙare mata a kwana na shida. Kun ga ke nan "kwana goma" gaskiya ce a kan gari da wake, amma ba gaskiya ba ce a kan mai. Hanya biyu gare ku: ko ku ƙara mai ku ƙara kuɗi, ko ku bar shi kwalba ɗaya ku rubuta ƙarara cewa zai kai wajen kwana shida. Ni na fi son ta biyun, domin ƙarin kwalba zai tura kuɗin ya haura dubu goma sha shida, kuma yawancin gidaje ba sa rasa ɗan mai. Abin da ba za a yi ba shi ne a yi shiru, a bar ta ta gano da kanta ana saura awa ɗaya a sha ruwa.

A lissafa kaya da ma'aunin da kowa ya sani

A ƙarƙashin wannan layi sai jerin kaya, kowanne a layinsa, kowanne da adadinsa. Ku guji "da sauransu". Mai karatu yana ɗaukar "da sauransu" a matsayin ba komai, ko kuma ya ɗauke shi a matsayin abu mai yawa, ya buɗe ya ga ba haka ba. Duk biyun asara ce.

Maganar ma'auni tana son a ɗan tsaya a kanta. Mudu ba ɗaya ba ne a ko'ina. Na wannan kasuwa daban, na waccan daban, ga kuma bambancin awo da tozo da awo a shafe. Wanda ke zaune a Legas ma wataƙila ya manta girman mudun gida. Gwangwanin madara kuwa kusan kowa ya san shi, daga nan har Fatakwal. Saboda haka ku rubuta da gwangwani, kuma ku yi awon a shafe kowane lokaci, mutum ɗaya ta riƙa yi, don kada bokitin wance ya fi na wance. "Roba ɗaya" ma ba ma'auni ba ne sai an faɗi abin da take ci. Ku ce roba ɗaya mai cin gwangwani biyu.

Sai abin da za a fara ambata. Ku sa kayan da suka fi tsada ko suka fi cin aiki a sama. A wannan bokiti wake ne, sai gari. In kuka fara da tsamiya da yaji, mai karatu zai sa wa bokitin ƙaramin kuɗi a ransa tun daga layin farko, ya zo ƙasa ya ga 14,500 ya ja da baya.

Kowane kaya kuma a ba shi kalma ɗaya ko biyu da ke nuna aikin da aka yi masa. Wake kawai, kowa yana da shi. "Surfaffen wake, an wanke an shanya ya bushe" wani abu ne daban, domin duk macen da ta taɓa tsayawa kan turmi da azumi a bakinta ta san abin da aka ɗauke mata. Tsamiya kawai daban, "ɓararriyar tsamiya, ƙulli ɗaya na rana ɗaya" daban. Kun lura ban ce mai kyau ba, ban ce mai daɗi ba. Na faɗi abin da hannu ya yi, na bar ta ta yanke hukunci.

Ga yadda rubutun zai kasance gaba ɗaya:

BOKITIN GOMAN FARKO
Kunu da ƙosai na kwana goma, na gida mai mutum shida.
Surfaffen wake, an wanke an shanya: gwangwanin madara 20
Garin kunun gero, tankaɗaɗɗe, da citta da kanumfari: gwangwani 20
Man gyaɗa, matsar hannunmu: kwalba 1, zai kai wajen kwana shida
Ɓararriyar tsamiya: ƙulli 10, ɗaya kowace rana
Yajin ƙuli: roba 1 mai cin gwangwani 2
Duk a cikin bokitin roba mai murfi, bokitin naki ne.
Ba surfe, ba tankaɗe. Ki jiƙa wake ki kai markaɗe, ki jiƙa tsamiya ki dama kunu.
Babu sukari, albasa da attaruhu a ciki.
Kuɗi: naira 14,500. In ɗai-ɗai ne a wurinmu, naira 15,500.
Bokiti goma muka haɗa. Za mu rufe karɓar kuɗi kwana biyar kafin azumi.

A ƙasa sai sunan ƙungiya, da garin, da ranar da aka niƙa garin, da lambar wayar mamba ɗaya da aka wakilta.

Layin "babu"

Nakan sha gardama da mata a kan layin da ke cewa babu sukari, babu albasa. Sukan ce, Malama, don me za mu tona wa kanmu asiri? Ai ba tonon asiri ba ne. Duk wadda ta ji an ce kayan kunu, sukari zai faɗo mata a rai. In ba ku ce komai ba, ta buɗe ba ta gani ba, a wurinta kun rage mata kaya, ko da kuwa ba ku taɓa cewa akwai ba. In kun faɗa tun farko, za ta sayo sukarinta hankali kwance. Wani amfanin kuma, mutumin da ya ga kun faɗi abin da babu yakan fi yarda da ku a kan abin da kuka ce akwai.

Yadda ake faɗin kuɗi

Kuɗi ya zo bayan jerin kaya, ba kafinsa ba, kuma a faɗe shi a fili. "A kira mu don jin farashi" yana korar mutane, musamman mai jin nauyin ya kira ya ji kuɗin ya fi ƙarfinsa.

Kwatancen da muka sa, wato 15,500 in ɗai-ɗai ne, dole ya zama kuɗin da kuke sayarwa da gaske. Akwai wata dabara da ake gani a manyan kantunan birni, a rubuta wani babban kuɗi a ja masa layi, a rubuta ƙarami a gefensa. In babban kuɗin na gaskiya ne, ba laifi. In ƙirƙirarsa aka yi, to a gari irin namu kwana ɗaya zai yi. Wadda kuka ce wa "da 20,000 ne" gobe za ta zauna kusa da ku a kasuwa, ta tambayi kuɗin kwalbar mai, ta yi lissafinta. Rangwamen 1,000 na gaskiya ya fi na 5,500 na ƙarya amfani.

In mai saye ta ce kuɗin ya yi yawa, kada ku yi saurin ragewa. Ku raba mata shi: naira 1,450 ne a rana, mutum shida, kowanne bai kai 250 ba, kunu da ƙosai. Ta kwatanta da abin da take kashewa in ta aika yaro sayen ƙosai a bakin hanya. Wannan rabon ya fi dacewa a faɗe shi da baki ko a saƙon murya, don in aka cusa lambobi da yawa a takarda ɗaya ido yakan gaji.

Haka maganar "bokiti goma muka haɗa". In goma ne ku ce goma. Ranar rufewa ma tana da dalili na gaskiya: wake da geron da aka wanke suna son shanya sosai, in aka rufe su a bokiti da sauran danshi za su yi fumfuna da tsami. Alamar ita ce gumi a cikin leda, ko gari ya dunƙule in an matsa shi a hannu, ko wari ya canza. Don haka kuna buƙatar kwanakin. Amma kada ku ce saura biyu alhali takwas na ɗaki. Mambobinku ma sun san gaskiya, kuma magana ba ta kwana a gari.

In kyauta ce

Yanzu mu koma kan mai bayarwa. Jerin kaya da adadi suna nan yadda suke, domin shi ma yana son ya san abin da ya biya. Abu uku ne ke canzawa.

Layin farko ya koma kan wanda za a kai wa: "Kayan shan ruwa na kai wa iyaye ko surukai, na kwana goma, na gida mai mutum shida." Sannan a faɗi yadda kayan za su isa, domin wannan ne damuwarsa: wa zai kai, zuwa wane gari, kuɗin mota a cikin kuɗin yake ko daban. Ku rubuta, misali, "A cikin Dirin Daji mu za mu kai har gida. Zuru ko Rijau, kuɗin mota daban." Kada ku yi alkawarin awa ko rana guda a kan hanyar da ba ku da iko da ita. Kun san halin hanyoyinmu, wata ranar mota ba ta tashi. Ku ce cikin kwana biyu ko uku, kuma za ku kira shi in kaya sun shiga hannu.

Na uku, takarda biyu za ku yi. Wadda ake tura wa mai saye tana da kuɗi. Wadda ake sakawa cikin bokiti ba ta da kuɗi ko kaɗan, sai jerin kaya, da yadda ake amfani da su, da wurin rubuta "Daga wane, zuwa ga wance". Ba wanda ke son surukarsa ta buɗe kyauta ta tarar an rubuta an yi masa rangwamen dubu ɗaya. Amma jerin kayan ya zauna, don mai karɓa ta ƙirga ta tabbatar ba abin da ya salwanta a hanya. Wannan yana kare ɗan aike, yana kare ku.

Hoton da za ku tura ta WhatsApp a ɗauke shi da rana, a fito da kayan duka a jera su a gaban bokiti a kan tabarma mai tsabta, a ajiye gwangwanin madara ɗaya a gefe don a ga girma. Abin da ba ya cikin haɗin kada ya shiga hoton. In kuka ajiye faranti cike da soyayyen ƙosai da dabino don ado, wani zai zo neman dabinonsa.

Abin da ba a rubutawa

Kada ku ce kayanku suna maganin wata cuta. "Yana maganin basir", "yana wanke ciki", "yana saukar da hawan jini", duk ku bar su, ko da kuwa kun ji ana faɗa a kan citta ko tsamiya. Abinci kuke sayarwa. Hukumar NAFDAC, wadda ke kula da abinci da magunguna a Najeriya, ita ke ba da lambar rajista ga kayan abincin da ake ƙullawa a kai kantuna, kuma ba ta yarda a jingina wa kaya magani ba tare da izininta ba. In ba ku da lambarta, kada ku kwafi ta wani ku manna, laifi ne babba. Ranar da kuka fara tunanin kai kaya kantunan Birnin Kebbi ko Kontagora, ku fara da neman rajistar.

Abin da ya kamata ku rubuta shi ne akwai gyaɗa a cikin yajin, domin akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, kuma mai bayarwa ba lallai ya san halin kowa a gidan ba. Sunan "yajin ƙuli" ya isa ga Bahaushe. In kayan za su je hannun wanda ba ya jin Hausa sosai, a faɗa masa da baki.

Sauran lokutan shekara

Tsarin nan ɗaya ne ko wane biki ne, suna da kaya ne ke canzawa. Na Kirsimeti, wanda kullum yake 25 ga Disamba, ya faɗo bayan kaka, lokacin da sabuwar shinkafa da gyaɗa suke a wadace, kuma 'yan gida suna dawowa hutu. Haka Uhola, bikin da Lelna ke yi bayan an kawar da amfanin gona, yana tara mutane a ƙasar Zuru. Masu komawa birni tsaraba suke nema, daddawa, ƙuli-ƙuli, man kaɗe, kuka. A nan layin farko ba kwana nawa zai faɗa ba, sai dai ya ce "Tsarabar gida, an ƙulle ta yadda za ta jure tafiyar mota, mai ba zai zuba ba, warin daddawa ba zai kama kaya ba." In kun rubuta haka, ku tabbata kun kifa kwalbar kun gani kafin ku rufe kwali.

Azumi kuwa ba ya zama wuri ɗaya, yana matsowa da wajen kwana goma sha ɗaya duk shekara. A 2024 an fara shi ranar 11 ga Maris, a 2025 ranar 1 ga Maris. Kuɗin gero da wake a lokacin ba zai zama ɗaya da na bara ba, don haka kada ku ɗauko takardar bara ku sake turawa. Jerin kaya zai iya zama, amma lissafin nan biyu sai an sake su daga farko.

Aikin da za ku yi a taro

A zama na gaba, bayan an gama zubi an rufe akwati, ku zaɓi haɗi ɗaya da kuke son fitarwa. Ma'aji da masu ƙirga kuɗi su yi lissafi biyun a gaban kowa. Sakatariya ta rubuta bayanin, kada ya wuce layi goma sha biyu. Sannan a kira mace ɗaya wadda ba ta cikin waɗanda suka haɗa kayan, in da hali wadda ba ta karatu, a karanta mata sau ɗaya tak, a yi mata tambaya huɗu: me da me ke ciki, na mutum nawa ne kuma na kwana nawa, me za ki saya da kanki, nawa ne kuɗin? Duk tambayar da ta kasa amsawa, layin ne bai fita ba, a gyara shi a sake karanta wa wata. In ta amsa duka huɗun, wannan rubutun ne za ku karanta a saƙon murya, da Hausa, da kuma yaren da masu sayenku suka fi ji, ba tare da an ƙara wani alkawari da baki wanda babu shi a takarda ba.